Hancin Tsoho da Abincin da Ya Kwana

A yawancin gidajenmu, idan aka yi shakkar abinci, hanci ake bai wa alƙalanci. A buɗe tukunyar miyar jiya, a kai fuska, a ja numfashi, in ba a ji tsami ko wari ba sai a ɗora a wuta. Sau da yawa kuma babba a gida ake miƙa wa wannan hukunci, tunda shi ya fi kowa daɗewa da sanin abinci. Yarinya ta ɗauko kwano ta nufi ɗakin kakarta: "Hajiya, ku ji mana wannan miyar, ko ta juya?" Hajiya ta shinshina ta ce, "Ƙalau take, je ki ɗumama." Magana ta ƙare, domin babu mai ja da ita.

Wannan al'ada tana da rauni a wuri biyu. Na farko, hancin mai shekaru saba'in ko tamanin ba shi ne hancin da ya sani yana ɗan talatin ba, kuma galibi shi kansa bai san ya ragu ba. Na biyu ya fi na farko girma: ko hancin saurayi ne mai lafiya, ba ya jin yawancin abubuwan da ke kwantar da mutum bayan ya ci abinci.

Mu fara da hancin. Can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wani ɗan fili da jijiyoyin jin ƙamshi suke zaune. Daga nan zaruruwansu suke ratsa wani siririn ƙashi mai ƙananan huji su isa ƙwaƙwalwa. Waɗannan jijiyoyi suna mutuwa ana maye gurbinsu tsawon rayuwa, amma idan shekaru suka ja, mayewar ba ta cim ma mutuwar. Kowace mura mai ƙarfi, kowane kumburin hanci, hayaƙin taba, buguwa a kai, duk suna barin tabonsu, sannan hujin ƙashin nan ma sukan ƙanƙance da tsufa. A 1984 Richard Doty da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum kusan 2,000. Sun samu cewa fiye da rabin masu shekaru 65 zuwa 80 jin ƙamshinsu ya yi rauni sosai, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa, fiye da uku cikin huɗu.

Wani binciken da aka wallafa a 2002, wanda aka yi a garin Beaver Dam na jihar Wisconsin, shi ya fi ba ni abin tunani. An gwada mutum kusan 2,500 masu shekaru 53 zuwa 97, aka samu kusan ɗaya cikin huɗu hancinsu ya raunana. Amma da aka tambaye su da baki, waɗanda suka ce suna da matsala ba su kai ɗaya cikin goma ba. Dalili a fili yake. Idan ido ya yi rauni, mutum zai kasa zura zare a allura. Idan kunne ne, sai ya ga bakin mutane na motsi ba ya jin magana. Warin da ba ka ji ba kuwa babu abin da zai gaya maka yana nan. Saboda haka idan tsoho ya ce "ban ji komai ba", gaskiya ya faɗa, sai dai maganarsa labarin hancinsa take bayarwa, ba labarin miyar ba.

Akwai kuma abin da ke ƙara yaudararsa. Zai ce maka, "Hancina lafiya lau, jiya ma na ji man zafi, na ji barkonon da ake soyawa har na yi atishawa." Ai yajin barkono, da sanyin man zafi, da zafin albasa da na hayaƙi, wata jijiya ce daban take ɗaukarsu, wadda ke jin zafi da sanyi da raɗaɗi a fuska. Tana iya zama garau alhali ta ƙamshi ta yi nisa. In ana so a gwada a gida, sai a nemi abubuwan da ba sa yaji: soyayyar gyaɗa, daddawa, ɓawon lemo, sabulun wanka. A rufe idanu, a kawo su ɗaya bayan ɗaya, a ce a faɗi ko mene ne. Gara a mai da shi wasan gida har da jikoki, kowa ya gwada, don kada ya zama kamar ana tuhumar mutum ɗaya. Tun kafin gwaji ma akwai alamun da masu girki suka sani: ƙorafin cewa abincin yanzu ba shi da ɗanɗano, yawan neman ƙarin gishiri da magi, tukunya ta kama har ƙauri ya cika tsakar gida tsohuwa na zaune kusa ba ta motsa ba. Mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro lokacin tauna, shi ya sa idan hanci ya tafi abinci ke zama salam. Idan kuwa jin ƙamshin ya ɗauke farat ɗaya, ko ya zo da toshewar hanci da ta ƙi tafiya, ko da karkarwar hannu da yawan mantuwa, wannan na likita ne. Wani toshewar yana da magani, wani raunin kuma yakan riga cutar karkarwa ko ta mantuwa bayyana da shekaru.

To, a ce ma hancin yana nan daram. Me yake iya ganowa? Ƙwayoyin da ke sauka a kan abinci iri biyu ne a aikace. Akwai masu ɓata shi, su ne ke kawo tsami da ɗoyi da yauƙi da kumfa. Akwai kuma masu cutarwa, irin su Salmonela da Listeriya da wasu da za mu zo kansu, waɗanda za su iya yin yawan da zai kwantar da ƙato alhali abincin bai sauya launi ko ƙamshi ko ɗanɗano ba. Wani lokaci nau'o'in biyu suna tafiya tare, shi ya sa abincin da ya yi wari ba abin ci ba ne. Amma rashin wari ba shaidar lafiya ba ce. A ɓarkewar Listeriya ta Afirka ta Kudu a 2017 zuwa 2018, wadda aka gano daga wani sarrafaffen nama da ake ci ba tare da an sake dafawa ba, mutum fiye da 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu, kuma naman a leda yake, a firij, babu abin da hanci zai tsinta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙiyasin da ta fitar a 2015, ta ce gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a shiyyarta ta Afirka kowace shekara, yana kashe kimanin 137,000.

Bari mu bi kula guda ɗaya daga kicin zuwa ciki, domin a nan ne abin yake faruwa ga tsofaffi. A ɗauka watan Afrilu ne a Kano ko Sakkwato, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40, dare ma ɗaki ba ya yin sanyi. An sauke dafa-duka da ƙarfe biyu na rana, an zuba wa Baba tasa a kula an kai masa ɗakinsa. An cika kular maƙil, saboda kai wa maigida abinci kaɗan abin kunya ne. Shi kuwa cin nasa ya ragu, ya yi loma biyar ko shida ya rufe ya tura gefen gado. Da magariba surukarsa ta leƙo: "Baba, a kawo muku tuwo?" Ya ce, "A'a, bar shi 'yar nan, ina da sauran ta rana." Da dare ya ɗan taɓa. Da safe ya buɗe, ya shinshina, bai ji komai ba, ya aika jika a ɗumama masa.

Ga abin da ya gudana a cikin kular. Ɗanyar shinkafa tana zuwa da wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa mai suna Basilus seriyus. Idan yanayi ya tsananta mata, takan dunƙule ta shiga wani ƙoƙo mai tauri da tafasa ba ta fasa shi, kamar irin ciyawa da ke kwance a ƙasa duk rani yana jiran ruwan farko. Dafuwa tana kashe sauran ƙwayoyin da za su yi gogayya da ita, ta bar mata fili. Muddin shinkafar tana sama da digiri 60, ba ta iya komai. Kula mai kyau da ba a buɗe ba tana riƙe wannan zafi na ɗan lokaci, amma wadda aka buɗe aka ci rabi, iska ta shiga, tana saurin sauka zuwa ɗumi. Daga nan kular ta koma yi wa ƙwayar hidima, domin tana riƙe abincin a ɗumin da ta fi so na tsawon sa'o'i.

A yi lissafi na misali. A ce da ƙarfe biyar na yamma akwai ƙwaya 100 a kowane giram na shinkafar, wato abin da bai cika ƙaramin cokali ba, kuma suna ninka kansu duk rabin awa. Ƙarfe shida sun zama 400, ƙarfe bakwai 1,600, ƙarfe takwas 6,400. Kafin ƙarfe goma na dare sun haura 100,000, kuma daga wajen wannan adadi ne ake fara samun dafin da ke sa amai. Zuwa asuba ana maganar miliyoyi. Duk wannan, shinkafar tana iya zama da kyan gani, da ƙamshin manja da albasarta.

Sai a ce ai za a ɗumama. A nan shinkafa ta bambanta da sauran abinci. Ɗumamawa tana kashe ƙwayoyin, amma dafin da wannan ƙwaya ta riga ta zuba a cikin abincin yana jure zafin digiri 121 har na minti 90, zafin da tukunyar gida ba ta kaiwa, tunda ruwa a digiri 100 yake tafasa. Ko an soya ta, ko an turara, dafin yana nan. Alamarsa kuma sananniya ce: tashin zuciya da amai tsakanin rabin awa zuwa awa shida bayan ci. Taliya da makaroni da tuwon shinkafa duk wannan hukuncin ya hau kansu, sauran tuwon hatsi ma ba su tsira gaba ɗaya ba.

Ga matashi, wannan yini ɗaya ne na wahala, gobe ya miƙe. Ga Baba lissafin daban ne. Tsamin ciki da ke kashe ƙwayoyi yakan ragu ga tsofaffi da yawa, balle mai shan maganin gyambon ciki kullum. Garkuwar jiki ta yi sanyi, ciwon sukari kuma yana ƙara raunana ta. Jin ƙishirwa ma yana dusashewa da shekaru, sai ruwan jiki ya ƙare mutum bai nemi ruwa ba. In aka haɗa amai da gudawa da zafin bazara da maganin hawan jini mai sa fitsari, ƙoda na iya shiga matsala cikin kwana ɗaya ko biyu, ko jiri ya kayar da shi a hanyar banɗaki ya karye a ƙugu. Sau tari ba a ma danganta abin da abinci, sai a ce jikin tsufa ne.

Miya tana da nata labarin, kuma a nan dole a yi wa iyayenmu mata adalci. Dokar da suka gada, cewa a tafasa miya da dare kafin a kwanta, a rufe, kada wanda ya sake sa mata ludayi ko hannu, sannan a sake tafasawa da safe, tana da tushe mai ƙarfi. Akwai ƙwayar da ke zaune a fata da hancin mutane masu lafiya, Istafilokokus, wadda ita ma dafinta ba ya jin wuta. Tafasar dare tana kashe ta, hana taɓawa kuma yana hana ta dawowa. Yaron da ya lallaɓa cikin dare ya tsamo nama da yatsa, ya rushe dukkan tsarin. Sai kuma wata mai ƙoƙo irin ta shinkafa, Kulostiridiyam, wadda ta fi son miyar nama da farfesu a babbar tukunya mai jinkirin hucewa. A ɗumin digiri 43 zuwa 45 tana iya ninka kanta cikin kimanin minti goma, kuma tana kawo murɗar ciki da gudawa bayan awa takwas zuwa goma sha shida. Sa'ar da aka yi, ita sai an haɗiye ta da rai take zuba dafinta a hanji, don haka tafasar safe tana maganinta, in tafasa ce ta gaske.

Matsalar ita ce abin da ake kira ɗumame sau da yawa ɗumi ne kawai. Gawayi ya yi tsada, gas ya yi tsada, ana sauri yara za su makaranta, sai a ɗora tukunya gefe ya fara ɓararraka a sauke, tsakiya kuwa da kyar ta yi ɗumi. Miya mai kauri irin ta kuka ko kuɓewa ko taushe ta fi yin haka. Abin da ake so shi ne ko'ina ya haura digiri 70, kuma mai girkin da ba ta da ma'auni tana da alamarta: a juya har ƙasa, a bari ta tafasa ko'ina da ko'ina, ta ci gaba da tafasa na 'yan mintoci, tsokar nama ta yi zafi har ciki. Malmalar tuwo kuma a yanka ta ƙanana kafin a sa a ruwan zafi ko a miya, domin dunƙulalliya tana ƙuna a waje cikinta da sanyi. A ɗebi iya wanda za a ci a ɗumama sau ɗaya. Tukunyar da ake ɗorawa ana saukewa kwana uku, kowace hucewa sabuwar dama ce ga ƙwayoyin. Ni a ganina miyar da ta bi wannan doka sau da ƙafa, ta kwana ɗaya, hatsarinta ya ragu ƙwarai, ko da yake ba ta kai wadda ta kwana a firij mai sanyi ba. Shinkafar da ta kwana a ɗumi kuwa ba ni da wata dabara da zan ba da a kanta, sai dai kada a ba tsoho.

Tunda hanci ya faɗi, tambayar da za ta maye gurbin "ya yi wari?" ita ce: yaushe aka sauke shi, kuma a ina ya zauna tun daga lokacin? Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki: ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Hukumomin abinci na Amurka sun ƙara da cewa idan zafin wuri ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. A ƙasar Hausa wannan yana nufin watanni da dama na shekara a dokar awa ɗaya muke. Tsoho ba ya bukatar agogo don wannan, yana da wanda ya fi agogo zama a ransa. Tsakanin azahar da la'asar kimanin awa biyu ne, tsakanin magariba da isha'i awa ɗaya da 'yan mintoci. Abincin da aka kawo bayan azahar, in an kira la'asar lokacinsa ya cika, a watannin zafi kuwa tun a rabin wannan tazarar ya cika. Na magariba kuma kada ya wuce isha'i a ɗaki. Digiri 60 ma ana gane shi: zafin da yatsa ba zai iya zama a ciki ba, mai fitar da tururi idan an buɗe. Abincin da za ka kai baki ba tare da ka hura ba ya riga ya sauka ƙasa da haka.

Gyaran da ya fi kowane tasiri, a wurina, ba a hannun Baba yake ba, a hannun mai zuba abinci yake. A rage abin da ake kai masa zuwa iya cikinsa, a ƙaramin kwano, a ƙara yawan kaiwa: kaɗan da rana, kaɗan da yamma, kunu mai zafi da dare in yana so. Sannan a sa wa wani yaro aikin ɗauko kwano a kan lokaci, kullum, ko an cinye ko ba a cinye ba. Idan ɗauko kwano ya zama al'adar gida kamar shimfiɗa tabarma, ba sai an yi gardama a kan ko abincin ya lalace ba, kuma ba a ce wa dattijo hancinsa ya mutu ba. "Baba, kawo in ajiye muku, anjima a kawo da zafinsa" ta fi "kada ku ci wannan" karɓuwa nesa ba kusa ba. Haka a watan azumi: abincin buɗa-baki da ake ture wa gefe don sahur yana yin awa takwas ko tara a ɗaki, wanda ya ninka ƙa'ida sau huɗu.

Tsofaffinmu suna ƙyamar zubar da abinci, kuma suna da hujja: addini ya hana almubazzaranci, da yawansu kuma sun ga yunwar shekarun 1973 da 1984 da idonsu. Ba za ka ci nasara a kansu da cewa "a zubar" ba. Hanyar ita ce a raba rarar tun tana da zafi, a bai wa maƙwabta ko almajirai a lokacin da take abinci, maimakon a jira ta kwana. Juye wa almajiri abin da aka ji tsoron ba wa na gida kuwa ba sadaka ba ce, shi ma ciki gare shi, kuma ba shi da mai kai shi asibiti.

Mai firij ma kada ya saki jiki, musamman da irin wutarmu. Firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyin da ake bukata na kimanin awa huɗu bayan an ɗauke wuta. Firiza cikakkiya tana kai kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya. Idan wuta ta tafi da safe ta dawo da dare, miyar da ke ciki za ta sake yin sanyi kamar ba abin da ya faru, alhali ta yini a ɗumi, kuma sanyi yana danne wari ko ga mai lafiyayyen hanci. Akwai dabara mai sauƙi ta gane hakan a firiza: a zuba ruwa rabin gora, a kwantar da ita har ya daskare a gefe ɗaya, sannan a tsayar da ita. Ranar da aka buɗe aka ga ƙanƙarar ta koma gindin gora, an san komai ya narke ya sake daskarewa. Lokacin sakawa kuma, kada a cusa babbar tukunya ɗungurungum, tsakiyarta za ta daɗe da ɗumi. A rarraba a ƙananan robobi marasa zurfi, shinkafa a baza ta a faranti ta sha iska, a saka cikin awa ɗaya, a cinye ta washegari. Sauran dafaffen abinci kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa a firij da bai rasa wuta ba. A rubuta ranar a jikin murfi da manyan baƙaƙe, da boko ko da ajami, wanda mai gidan ya fi karantawa, tunda tsohon da ke zaune shi kaɗai yana iya rantsewa miyar shekaranjiya ce alhali ta Juma'ar da ta wuce ce.

Ido da hannu suna da sauran amfani, matuƙar an san cewa aikinsu kore abinci ne kawai, ba wanke shi ba. Kumfa a kan miyar da ba a kan wuta take ba, tuwon da ya yi gumi ya saki, shinkafa ko nama mai yauƙi da zare, fumfuna, gwangwanin da ya kumbura, murfin roba da ya taso, kowane ɗaya ya isa a haƙura. A duba a haske, a ƙofar ɗaki ko tsakar gida, domin mai raunin hanci sau da yawa yana da yanar ido ma. Abin da ba a so sam shi ne "bari in ɗanɗana in ji". Harshe ba ya jin dafin nan kamar yadda hanci ba ya ji, kuma ɗanɗanawa ci ne. Abinci masu tsami na asali, kamar koko da nono, tsaminsu yana rage wa ƙwayoyi ƙarfi, amma a wurinsu ne hanci ya fi ruɗewa, tunda da ma tsami ake nema. Furar da aka dama da hannu da ruwan da ba a tabbatar da shi ba, aka bar ta a kwano tun hantsi, a bi ta da dokar lokaci kamar kowane abinci, madarar shanu kuma a tafasa ta kafin ta shiga cikin tsoho.

Idan an riga an ci kuma amai ko gudawa ya fara, abin yi na farko shi ne mayar da ruwa, kurɓi kaɗan-kaɗan a kai a kai, ba tare da jiran ya ce yana jin ƙishi ba. Garin gishiri da sukari na kemis ya fi, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A tambayi wa da wa suka ci abincin da kuma ƙarfe nawa, domin tazarar da ke tsakanin ci da fara ciwo tana taimaka wa likita. A wuce asibiti ba tare da jinkiri ba idan akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko aman ya hana ruwa zama, ko fitsari ya ɗauke tun safe har yamma, ko kuma tsohon ya fara ruɗewa yana magana ba kan gado ko barci ya yi masa nauyi. Mai ciwon sukari ko ƙoda ko zuciya kada a jira waɗannan alamu ma, a kai shi da wuri, a haɗa da ledar magungunansa gaba ɗaya, saboda akwai waɗanda likita zai so ya dakatar har ruwan jiki ya dawo.